Alhaji ya ce ya turo, ni kuma ban ga takardar ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu. Wani kamfanin casar shinkafa ya aiko wa shugabanmu takardar yarjejeniya ta imel, shi kuma ya turo mini don in buga in raba wa membobi. Saƙon ya shigo, a ciki har an ce ga takarda nan an maƙala, amma babu komai. Sau uku Alhaji yana sake turowa, duk haka. Ya ce sabis ɗina ne. Ranar Juma'a za a mayar da takardar. Me zan ce masa ya turo, ba tare da ya ga kamar ina cewa bai iya ba? Dukkanmu Gmail muke amfani da shi a waya.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Ka fara cire sabis daga cikin lissafi, don ba shi ne ya ci maka takarda ba. Na daɗe ina aikin kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma duk abin da ya ɓace a waya sabis ake ɗora wa, shi kuwa ba shi da bakin kare kansa. Yana da laifuffukansa, amma wannan ba ya ciki. Imel ba ya tafiya kashi biyu, wato rubutu gaba fayil na biye a baya kamar ɗan rakiya. Tun 1992 da aka fito da tsarin da ake kira MIME, fayil ɗin da aka maƙala ana mayar da shi haruffa ne a cusa shi cikin jikin saƙon, su zama ƙunshi guda. Kusan kullum, ko dai ƙunshin ya iso gaba ɗaya, ko kada ya iso sam. Idan sabis ya yi rauni a wajen mai aikawa, saƙon zai tsaya a `Outbox` da alamar `Queued` har sai hanya ta buɗe. Idan a wajenka ne ya yi rauni, za ka ga sunan fayil ɗin da girmansa a ƙasan saƙon, sai dai ya ƙi saukowa in ka taɓa. Kai kuwa ko sunan ba ka gani ba. Ke nan saƙon da ya baro wayar Alhaji tun farko babu takarda a cikinsa, kuma ko sau goma ya sake danna abin da ya danna, abin da zai iso maka ke nan.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru, kuma kai da kanka za ka iya tabbatarwa cikin minti biyu.

Gmail yana tara saƙonnin da suka shafi magana ɗaya a wuri guda, ɗaya bisa ɗaya. A ce kamfanin ya aiko da takardar ranar Litinin. Alhaji ya gani, ya amsa musu da ya samu, ya gode. Ranar Laraba ma'aikacinsu ya sake rubutowa yana tuna masa cewa a mayar kafin Juma'a. Yanzu saƙonni uku ne a jere, amma takardar tana cikin na farko kaɗai, domin `Reply` ba ya ɗaukar fayil. Rubutun baya kawai yake kwafowa ya ajiye a ƙasa. Da Alhaji ya buɗe wannan jeri a wayarsa, na ƙarshen ne ke buɗe, na farko kuma ya naɗe a sama ya zama ɗan siririn layi. A can ƙasa akwai manyan maɓallai, `Reply` da `Forward`. Kowa ma na ƙasan zai danna, ni ma na sha yi. To wancan `Forward` na ƙasa saƙon ƙarshe kaɗai yake turawa, wato na Laraba, wanda bai taɓa ɗauke da takarda ba. Shi ya sa kake ganin jimlar `Please find attached` a ciki: kwafin rubutun Litinin ne da ya biyo amsoshin, ba shi ne saƙon Litinin ɗin ba.

Buɗe abin da ya turo maka, ka sauka ƙasa kaɗan har ka ga wani ɗan kan bayani mai kama da wannan:

```
---------- Forwarded message ---------
From: ...
Date: Wed, ...
Subject: Re: Paddy supply agreement
To: ...
```

Layi biyu za ka duba. Na farko `Subject`. Idan ka ga `Re:` a gaban taken, amsa aka turo maka, ba asalin saƙon ba. Na biyu `Date`. Ka riƙe ranar, sannan ka ƙara sauka ƙasa inda za ka ga layi mai farawa da `On` ya ƙare da `wrote:`, wataƙila ma biyu ko uku. Na can ƙasa duka, mafi tsufa, wanda a ƙarƙashinsa aka ambaci takardar, shi ne saƙon da kake nema. Rubuta ranarsa da lokacinsa a takarda, da sunan wanda ya aiko. Waɗannan su ne za ka ba Alhaji, kuma rashinsu ne ya sa aka yi sau uku a banza. Wanda aka ce wa “a sake turowa” ba shi da abin yi sai ya maimaita abin da ya yi ɗazu.

Idan kuma ba ka ga wancan kan bayanin ba gaba ɗaya, kuma taken saƙon da ya zo maka da `Re:` ya fara maimakon `Fwd:`, to `Reply` ya danna ya sa adireshinka a ciki. Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya.

Akwai abin da nake so ka sani kafin ka kira shi, don kada ka shiga gardamar da ba za ka ci ba. Alhaji gaskiya yake faɗa da ya ce shi yana ganin takardar. Saƙon da ya turo maka Gmail yakan jera shi cikin wancan jerin na kamfanin, don haka in ya shiga `Sent` ya duba, zai ga taken, ya ga sunan fayil ɗin a manne da shi. A idonsa komai ya tafi. Na taɓa ganin dattijo ya miƙo wa yaronsa waya har kusa da hanci yana cewa “to wannan mene ne?”, yaron ya rasa ta cewa, alhali kowannensu abin da ke gabansa yake faɗa. Saboda haka kada ka ce masa bai maƙala ba, kada ka ce ya yi kuskure. Ka ɗora wa wayar, don ita ce ta naɗe saƙon ta ɓoye shi.

Kafin ka ɗaga waya, ka wanke kanka tukuna. Ba abin da ya fi kunya irin ka tayar da babba ya bar abin da yake yi, daga baya a gano takardar tana wajenka tun jiya. A akwatin nema na saman Gmail rubuta wannan, ka sa adireshin Alhaji a gurbin na misalin:

```
from:alhaji@example.com has:attachment
```

Idan bai fito da komai ba, gwada wannan, wanda ke leƙa har cikin `Spam` da `Trash`:

```
in:anywhere filename:pdf
```

Sannan ka sauka har ƙarshen kowane ɗaya daga cikin saƙonnin uku, domin a waya fayil a can ƙasa yake zama, bayan duk rubutun da aka kwafo, kuma in rubutun ya yi tsawo sai ka ga `[Message clipped]` ka zaci ƙarshen ke nan. Ka kuma kula da wani ɗan tarko: wani lokaci neman zai fito maka da saƙon, ka buɗe da murna, ka tarar da `image001.png` kawai. Wannan tambarin kamfanin ne da ke ƙasan sa hannun ma'aikacin. Girmansa ba ya wuce 'yan KB kaɗan. Takardar yarjejeniya mai shafi biyar ko shida da aka yi wa sikanin ba za ta zo da wannan girman ba.

Idan kana son hujjar da babu musu a kanta, sai ka je kan kwamfuta, domin manhajar Gmail ta waya ba ta nuna wannan. Buɗe saƙon, danna ɗigo ukun da ke gefen damansa, zaɓi `Show original`. Za ka ga rubutu mai yawa kamar an zubar da gero, kada ya dame ka. Danna `Ctrl+F` ka nemi kalmar `filename`. Saƙon da ke ɗauke da takarda zai nuna layuka irin waɗannan:

```
Content-Type: application/pdf; name="agreement.pdf"
Content-Disposition: attachment; filename="agreement.pdf"
Content-Transfer-Encoding: base64
```

A ƙarƙashinsu kuma dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana ga ido. Wannan jerin shi ne takardar kanta. In babu shi, babu ita, ko a wace waya aka buɗe saƙon. Idan a shagon kwamfuta ka yi wannan, ka fita daga akwatinka kafin ka tashi daga kujera. Kullum sai na tarar da akwatin wani a buɗe a shagona, mai shi ya riga ya hau kabu-kabu.

Yanzu maganar da za ka yi masa. Abu huɗu nake so su fito a cikinta, a jere: cewa saƙonsa ya iso, abin da ka gani da idonka, wane saƙo ne takamaimai kake so, da abin da zai gani a fuskar wayarsa wanda zai nuna masa an dace kafin ya danna aikawa. Na ƙarshen nan shi ne mutane ke mantawa, kuma shi ne ke hana a yi na huɗu da na biyar. Ga yadda ni zan rubuta, ta WhatsApp, don ya iya karantawa yana bi a hankali:

“Ranka shi daɗe, barka da yamma. Saƙon ya iso, Allah ya saka da alheri. Na duba na ga inda matsalar take: wayar ce take turo saƙonsu na ranar Laraba, ita kuma takardar tana cikin na ranar Litinin da safe, wanda suka fara aikowa. Don Allah in kun samu sarari, ku buɗe saƙon, ku hau sama har zuwa na farko, ku taɓa shi ya buɗe. A gefen sunan wanda ya aiko akwai ɗigo uku, nan za ku taɓa ku zaɓi Forward, ba na ƙasa ba. Kafin ku aika za ku ga sunan takardar a ƙasan rubutun, mai ƙarewa da pdf. In kun gan shi, ta shiga. In ba ku gan shi ba, ku bari kada ku aika, ku kira ni.”

Ka lura ban ce masa “ba ku turo daidai ba”. Ban kuma tambaye shi ko ya tabbata ya maƙala ba, domin wannan tambayar amsarta “ƙwarai kuwa” ce, daga nan magana ta mutu. Ka lura kuma na ambaci rana. In kana da sunan fayil ɗin, sa shi ma. Wani lokaci yana cikin rubutun da aka kwafo, a tsakanin alamomi kamar haka: `<agreement.pdf>`. Manhajar `Mail` ta iPhone takan bar irin wannan sawun a inda fayil ya taɓa zama. Sawu ne kawai, taɓa shi ba zai buɗe komai ba, amma ya ba ka suna, kuma in sunaye biyu ka gani to fayil biyu za ka nema. Kamfanoni sukan aiko da yarjejeniya tare da takardar cike sunayen membobi, sai a samu ɗaya a manta da ɗayar har ranar mayarwa.

Idan Alhaji ba mai son karanta dogon saƙo ba ne, kira shi, amma ka ce ya sa wayar a lasifika don ya riƙa ganin fuskarta kuna magana. Mataki ɗaya za ka faɗa, ka jira ya ce ya gani, sannan na gaba. Inda aka fi maƙalewa shi ne neman saƙon farko, domin in amsoshin sun yi yawa Gmail yakan dunƙule na tsakiya ya bar ɗan da'ira mai lamba a ciki. Ce masa ya taɓa lambar, duk za su baje. In kuwa akwai ɗansa ko wani yaro a gidan da ya saba da waya, ka roƙi Alhaji da kansa ya miƙa masa. Kada ka kira yaron ta bayan fage. Abin da ba zan ba ka shawara ba, ko da shi ya yi tayin, shi ne ya karanto maka kalmar sirrinsa ka shiga akwatinsa daga wayarka. Yau takardar shinkafa ce, gobe in wani abu ya ɓace a akwatin kai za a fara kallo.

Da a kwamfuta yake, da abin ya fi sauƙi. A can, cikin ɗigo ukun da ke saman jerin, akwai `Forward all`, wanda ke kwaso dukkan saƙonnin da fayilolinsu. Akwai kuma `Forward as attachment`, wanda Gmail ya ƙara a ƙarshen 2019: yana naɗe asalin saƙon dungurungum ya zama fayil mai ƙarewa da `.eml`. Yana da amfani in ana son shaidar wanda ya aiko da ranar da ya aiko, amma ban so ka nemi wannan ba, domin buɗe `.eml` a waya wata wahalar ce daban.

To, a ce ya bi matakan, ya buɗe saƙon Litinin, kuma ya ce maka shi ma yanzu bai ga fayil ba, ko ya turo kuma abin ya ƙi buɗuwa. A nan sai mu duba na biyu a yawan faruwa, wato ba fayil kamfanin ya aiko ba, linki ne. Gmail ba ya barin a maƙala abin da ya wuce 25 MB. In ya wuce, da kansa yake ɗora fayil ɗin a Google Drive ya sa linkinsa cikin saƙon. A ido yana kama da fayil: ɗan akwati mai suna da alama. Amma takardar tana can a ma'ajiyar mai ita, kuma sau da yawa adireshin wanda aka aika wa kaɗai aka ba izinin buɗewa. Alhaji zai taɓa ta buɗe masa lafiya lau. Kai in ka taɓa sai ka ga `You need access` da maɓallin `Request access`. Turowa sau ɗari ba ta ba ka izini, domin izinin ba a hannun Alhaji yake ba. In ka danna `Request access`, roƙon wajen ma'aikacin kamfanin zai je, wanda bai san ka ba, kuma mai yiwuwa ya share. Hanya mafi gajarta ita ce Alhaji ya buɗe takardar a wayarsa, ya sauke ta da `Download`, sannan ya maƙala ta cikin sabon saƙo. In ta yi wa imel nauyi, ya turo ta WhatsApp, amma ta hanyar `Document`, ba ya ɗauki hoton fuskar waya shafi-shafi ba. Hoton fuskar waya in aka buga shi a takarda, ƙananan rubutun sharuɗɗa, inda farashin buhu da ranar biya suke, su ne ke fara dusashewa.

Linki yana da wata fuskar da ya kamata in ambata a gurguje. Idan ka taɓa “takardar” sai ta kai ka wani shafi da ke neman ka sake rubuta adireshin imel ɗinka da kalmar sirri kafin ka gani, tsaya nan. Ka kira kamfanin ta lambar da kuka saba kiransu, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka tambaya ko su suka aiko. Masu damfara sun san mutum mai neman takardar da ta ƙi fitowa zai danna duk abin da aka sa masa a gaba.

Maganar nauyi tana da wani lissafi da ke rikita mutane. Na ce maka ana mayar da fayil haruffa kafin ya tafi. Wannan mayarwar, wadda ake kira `base64`, tana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku, domin kowane bayit 3 yana zama harafi 4. Fayil mai 9 MB a wayarka zai haura 12 MB a hanya. Gmail yana karɓar saƙo har mai 50 MB, don haka kai wannan bai shafe ka ba yanzu. Ranar mayarwa ce zai iya cizonka. Wasu ofisoshi suna taƙaita abin da akwatinsu ke karɓa zuwa 10 MB, kuma takarda mai ɗauke da sa hannun membobi, in aka yi mata sikanin mai launi shafi goma sha biyar, tana iya wuce haka cikin sauƙi. Idan ya wuce, ba fayil ɗin kaɗai ake cirewa ba, saƙon duka ake dawowa da shi, kuma kai mai aikawa za ka samu sanarwa daga `Mail Delivery Subsystem`, sau da yawa da lamba `552` a ciki. Saboda haka ranar Juma'a, bayan ka aika, ka jira minti goma ka sake leƙa akwatinka. Ka kuma ce wa mai shagon ya yi sikanin baƙi da fari, duk shafukan cikin fayil ɗin PDF guda.

Akwai na uku, wanda ni kaina ya taɓa rutsawa da ni. Shekarun baya wani ofishi a nan Birnin Kebbi ya aiko wa wata malama takardar da za ta cike, ta zo shagona da ita. Abin da muka gani a ƙasan saƙon wani fayil ne mai suna `winmail.dat`, ba ya buɗuwa da komai. Na ce mata fayil ɗin ya lalace a hanya, ta je ta ce a sake turowa. Ta hau mashin ta je ta dawo, aka turo, `winmail.dat` ya sake fitowa. Kwana biyu muna haka, ita ga kuɗin mashin, ni ga kunya. Ashe takardar tana ciki lafiyarta ƙalau. Manhajar Outlook ce, in aka saita ta a kan tsarin `Rich Text`, take ƙunshe fayil cikin wani ƙunshi da yawancin sauran manhajojin imel ba su san kwance shi ba. Abin da ya kamata in ce mata tun ranar farko jimla ɗaya ce: a gaya wa mai aikawa, lokacin da yake rubuta saƙon ya shiga `Format Text` ya zaɓi `HTML`, sannan ya sake maƙala fayil ɗin. Idan Alhaji ya ce maka sunan da yake gani ke nan a saƙon Litinin, to ba shi za ka dama ba, kamfanin za a koma wa da wannan jimlar.

Haka nan in ka ga wani ɗan rubutu a cikin saƙon, ko ƙaramin fayil mai ƙarewa da `.txt`, yana cewa an cire abin da aka maƙala, to matatar tsaro ta wani ofishi ce ta cire shi a hanya. Wannan ne kaɗai yanayin da na sani fayil ke barin gida tare da saƙo ya kasa isowa, kuma yawanci sukan bar sanarwa. PDF ba kasafai ake taɓa shi ba. Irin su `.exe` da `.js` da `.bat` ne ake hanawa, Gmail ma ba ya yarda da su ko an ɓoye su cikin `.zip`. Kamfanin shinkafa ba shi da dalilin aiko muku da irin waɗannan, in kuwa kun gani, kada ku buɗe.

Idan ta kai ga sai an koma wa kamfanin, ka nemi izinin Alhaji, tunda shi suka sani, sannan a rubuta musu a gajarce da harshen da suka rubuto. A ambaci taken saƙon da ranarsa, a ce rubutun ya iso amma takardar yarjejeniyar ba ta buɗuwa, a roƙi su aiko ta a matsayin fayil ɗin PDF da aka maƙala kai tsaye, ba linki ba, cikin sabon saƙo, su kuma sa adireshinka a layin `Cc`. A tambaye su fayil nawa ne, shafi nawa ne. Wannan `Cc` ɗin shi zai hutar da ku nan gaba: duk abin da suka aiko wa shugaba zai sauka a akwatin sakatare lokaci guda, ba sai an bi ta wayar kowa ba.

Da takardar ta iso, kada ka tsaya a ganin sunanta. Sauke ta, buɗe ta, ka ƙirga shafukan. Yawancin irin waɗannan takardu suna da lamba a ƙasan kowane shafi, kamar `Page 1 of 6`, sai ka tabbata shida ɗin sun cika, musamman na ƙarshe inda ake sa hannu. Duba sunan ƙungiyarku a shafin farko, domin kamfanin da ke hulɗa da ƙungiyoyi daga Argungu har Suru da Yauri yana iya aiko muku da ta wasu. Sannan ka aika wa Alhaji layi ɗaya: “Ranka shi daɗe, ta iso, shafi shida, na buɗe na gani. Gobe da safe in sha Allah zan buga.”